Kiran La'asar da Bai Iso Ɗakin Jarrabawa Ba

Agogon na fara gani kafin in ga mai shi. Ƙarami ne, na mata, ruwan zinariyarsa ya fara koɗewa ta gefe, an kwance shi an shimfiɗa a kan teburin da ke gabana ta hagu. An ce mu fara, ɗaki ya cika da ƙarar biro, amma hannun da ya ajiye agogon bai rubuta komai ba. Takardar tambayoyi take karantawa, ta juya, ta dawo, sannan ta sa 'yan lambobi a gefen kowace tambaya. Na ce a raina, baiwar Allah, ba ta san komai ba. Har na tsara yadda zan lallashe ta idan sakamako ya fito.

Jarrabawar ƙarshen shekararmu ta farko ce a kwalejin da ke cikin Sakkwato, darasin rubuta furogiram, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta. Lokacin mulkin farar hula na biyu ne, ana cikin tsuke bakin aljihu, sabulu da madara sai an yi layi. Kwamfuta ɗaya kwalejin take da ita, ta lalace, kuma abin gyaranta sai an kawo daga waje. Saboda haka yaren BASIC a takarda muka koye shi, a takarda kuma ake gwada mu: awa uku, tambaya huɗu, ta farko maki arba'in, sauran ashirin ashirin. Ba na'urar da za ta nuna maka kuskurenka. Kai za ka rubuta, kai kuma za ka zama kwamfutar, ka bi layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa ka ga ko abin zai yi aiki.

Ni kuwa da rubutun hannu aka san ni a garinmu Bodinga. Tun ina sakandare nake sayen 'yan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a ƙasa ranar kasuwa, na haddace yadda samarin cikinsu ke tsara wasiƙa, har samarin unguwarmu suka riƙa zuwa zauren gidanmu in rubuta musu. Ƙa'idata ita ce ba na miƙa takarda mai gogewa. Sai in yi ta farko, in gyara, in sake kwafewa da kyau. Haka na yi wa tambaya ta farko ranar nan. Na zana mata akwatuna da kibau masu nuna yadda umarnin zai bi, duk da rula, na rubuta, na ga ta yi datti, na sake. Ina tsakiyar tambaya ta biyu aka ce a ajiye biro.

Na samu talatin da huɗu, ana cin jarrabawa da arba'in. Mai agogon kuma sunanta ne na biyu daga sama.

Dokar kwalejin a fili take. Wanda ya faɗi yana da dama ɗaya bayan hutu, idan ya sake faɗuwa an sallame shi. Mahaifina manomin albasa ne, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi fadama tana nan, hannu take nema, idan boko ya ƙi ni in dawo. Na san ba barazana yake yi ba, kuma abin da ya hana ni zama wuri ɗaya ke nan. Sai in fita tasha in dawo, in buɗe littafi in rufe, in je bakin kasuwa ba tare da abin saye ba.

A motar komawa gida muka fara magana da mai agogon, ranar da na je ɗauko takardar sanarwar jarrabawar gyaran. Motar Shagari ta Bodinga take bi. Ita 'yar Shagari ce, ta girme ni da 'yan shekaru, mai buga tafireta ce a ofishin ƙaramar hukuma a garinmu, wurin aiki ne suka turo ta karatu. Malama nake ce mata kamar kowa.

"Kai na mai rula," in ji ta. "Ina jin ka bayana, shaaa, shaaa, kamar mai shirin gina masallaci."

Na ce ai aiki mai kyau yana son natsuwa.

"Tambaya nawa ka amsa?"

"Ɗaya da rabi."

"To ko ka ci ta farin duka, mi kaka so malam ya ba ka bisa farar takarda?" Ta gyara mayafinta. "In kana so, ka zo Shagari ranar Asabar, shagon babana. Ka zo da takardu, ba mu da na ba ka."

Daga ranar nan zuwa Asabar na gina gida da ita a raina, na sa masa ƙofa shuɗiya.

Mahaifinta tela ne, shagonsa yana kallon masallacin kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗaga ƙafa daga keke ba, ya nuna mini teburin yanka da haɓa. Nan aka ture yadi gefe aka ba ni wuri. Bayan an fito Azahar, ƙarfe biyu daidai, ta kwance agogo ta ajiye, ta miƙo mini tsohuwar takardar tambayoyi. Na cire murfin biro, ta dafe takardar.

"Minti goma ba ka rubuta komi. Karanta duka huɗun."

Sannan ta nuna mini lambobin da na gani tana sawa a gefe. Awa uku minti ɗari da tamanin ne. A cire goma na karatu, a cire ashirin na dubawa a ƙarshe, saura ɗari da hamsin a kan maki ɗari, kowane maki minti ɗaya da rabi ke nan. Babbar tambaya awa ɗaya, ƙananan rabin awa rabin awa. A gefen ta farko sai a rubuta uku da minti goma, ta biyu huɗu saura ashirin, ta uku huɗu da minti goma, ta huɗu biyar saura ashirin. Idan lokacin tambaya ya cika, a bar mata fili a wuce, ko an ƙare ko ba a ƙare ba.

"In ina tsakiyar tunani fa?"

"Tunanin ya jira ka. Makin farko na kowace tambaya shi ya fi arha. Zanen akwatuna da layukan buɗewa, minti biyar ka samu wani abu. Kai kuwa sai ka zauna kana neman maki biyun ƙarshe da rabin awa."

Tsohon ya tsayar da keke, ya ce cikin zolaya, "Wanga yaro bai taɓa ɗinkin Sallah ba. Ɗana, in saura kwana ukku Idi kana da riga goma, duka kaka yankewa, duka ka haɗa su, kowa ya samu abin sawa. Aikin wuya in lokaci ya rage. Na taɓa zama bisa wuyan riga guda kwana biyu, mutum huɗu sunka tafi Idi da tsohin kaya. Har yau guda cikinsu ba ya gaishe ni."

"Baba, har da zagi ya yi maka," in ji ta.

"Ban faɗi wannan ba."

Asabar biyar na yi ina zuwa. Ta hana ni rula. Ta hana ni kwafewa. Ta koya mini in ba layuka lamba goma goma, 10, 20, 30, in kuma tsallake layi ɗaya a takarda, don idan na manta wani umarni sai in ba shi 25 in saka, tunda kwamfuta lambar take bi, ba inda aka rubuta ba. Abin da na soke, zare ɗaya ya isa. Sifiri a ratsa shi don kada ya yi kama da harafi. Idan lokaci ya yi sai ta ƙwanƙwasa tebur da almakashi, ni kuma in ji kamar an fizge mini abinci daga baki. Kullum ƙarfe huɗu ladanin masallacin kasuwa yake kiran La'asar, ya same ni a cikin tambaya ta uku. Tsohon ya fita alwala, ni in ƙarasa zuwa ƙarfe biyar in bi sahun masu makara.

Rabin hankalina, gaskiya, ba ya kan takarda. Ina kallon inda agogon ya bar farin zobe a wuyan hannunta. A gida na fara rubuta mata wasiƙa, ina yi ina yagewa.

Asabar ta ƙarshe ta tura mini agogon a kan teburin. "Riƙe, ka maido bayan jarrabawa. Na bangon ɗakin jarrabawar ya daɗe da tsayawa."

A littattafan da na karanta, saurayi ne ke ba budurwa agogo. Ban taɓa ganin inda ya karɓi nata ba, balle ya shiga cikin maza da agogon mata a aljihu. Na tura mata abinta, na ce jikina ya riga ya san lokacin, kuma jarrabawar ƙarfe biyu zuwa biyar ce kamar yadda muka saba. Lasifikar masallacin kwaleji har cikin ɗakin ake jin ta. Da na ji kiran La'asar na san huɗu ta yi.

"Ladan guda zai raba maka tambaya huɗu?"

"Ya ishe ni, Malama."

Ta dube ni, ta ɗaura agogonta. "To ka riƙa tambayar mai tsaro. Ba a biyan kuɗi."

Mu tara ne muka zauna jarrabawar gyaran, a ɗakin da ke cin mutum ɗari. Ana zafin da ke zuwa kafin hadari. Mai tsaronmu wani dattijon malami ne daga sashen gine-gine, ya ce mu fara, ya ce zai yi magana idan saura minti goma, ya kuma gargaɗe mu cewa ɗan littafin amsa ɗaya ne kowa zai samu, babu ƙarin takarda a sito. Ya buɗe jarida.

Na yi karatun minti goma, ko abin da na ɗauka minti goma ne. Na rubuta lokutan a gefe kamar yadda aka koya mini, ko da yake ba ni da abin da zan gwada su da shi. Babbar tambaya ta ce a karɓi lambobi hamsin a jera su daga ƙarami zuwa babba. Na san ta. Zagaye biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, ana gwada kowace lamba da maƙwabciyarta, idan ta gaba ta fi ƙanƙanta a musanya su. Na rubuta, na soke, na saka, na zana jadawali na gwada da lambobi huɗu, ya yi. Na wuce ta biyu, na gama. Na kasa kunne. Shiru.

Nan ne abin ya same ni. Na juya baya na dubi amsar farko, duk soke-soke da kibau, kamar kaza ta bi ta kai. Na ce tunda ko La'asar ba a kira ba, ina gaba da lokaci. Na tuna malamin darasin zai ga wannan, wataƙila ma wata rana ita ta gani. Hannuna ya riga ya buɗe sabon shafi kafin in gama shawara. Minti goma kawai, na ce. Na ja layi a kan tsohuwar na fara kwafewa, harafi bayan harafi, da irin rubutun da nake yi wa wasiƙu. Ba rula, amma na yi amfani da gefen katin shaidata.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Gumi ne ya ɗiga a kan takardar, na ɗaga kai in ga me ya sa fanka ba ta kawo iska. A tsaye take. Tun shigowarmu a tsaye take, na gani ban kula ba. Na dube ta, na dubi taga, rana ta sauko har ta kama ƙasan allo. Babu wuta, lasifika kuma da wuta take aiki. Ladan ya yi kiransa da bakinsa can bayan ɗakunan kwana, mu ba mu ji ba.

Na ɗaga hannu. Dattijon ya zo yana jan takalmi.

"Ranka ya daɗe, ƙarfe nawa?"

"Huɗu da ashirin da biyar."

Na ƙirga. Minti talatin da biyar, tambaya biyu ban taɓa ba, shafi uku suka rage. Na ga fadama, na ga kaina a duƙe ina dashen albasa, na ga motar Shagari tana wucewa ban cikinta. Ya leƙa takardata ya ga rubutun.

"Kai zayyana ka zo yi ko jarrabawa?"

Na roƙe shi ya taimaka ya gaya mini idan biyar saura ashirin ta yi. Ya yi tsaki, ya kwance agogonsa, wani ƙato mai baƙar fata, ya ajiye a gabana. "Ni ba mai shela ba ne. Kar ka tafi min da shi."

Na soke lokutan da ke gefe na sa sababbi: sha biyar, sha biyar, biyar. Ta uku ta ce a karɓi ruwan saman wata goma sha biyu a fitar da matsakaici. Akwatuna biyar da hannu, a karkace. Layi shida: buɗe zagaye daga ɗaya zuwa sha biyu, karɓi lamba, tara ta a kan jimla, rufe zagaye, raba da sha biyu a buga, sai END na kammalawa. Ina gwadawa da yatsa na ga ban sa jimlar ta fara daga sifiri ba, abin da malaminmu ba ya yafewa. Babu fili a sama, sai na rubuta shi a ƙasa na ba shi lamba 5. Agogo ya nuna saura ashirin. Ina son in ƙara layin da zai buga kanun sakamako da kyau, na bar shi.

Ta huɗu ta fi wuya, neman mafi girma da mafi ƙanƙanta a cikin jeri, da faɗin matsayin kowanne. Na zana akwatunan duka, don suna da makinsu. Na rubuta ɓangaren mafi girma. Rubutun ya zama na wani mutum daban. Dattijon ya ce saura minti goma, wani a bayana ya ja numfashi. Na fara ɓangaren mafi ƙanƙanta, layi biyu, biyar saura biyar ta yi. Na tsaya a tsakiya, abin da ban taɓa yi wa rubutu ba a rayuwata.

Minti biyar ɗin na ba wa ƙirga abu ɗaya: kowane FOR mai buɗe zagaye ya samu NEXT nasa mai rufe shi. A amsar farko, kyakkyawar, na ƙirga FOR huɗu, NEXT uku. Garin kwafewa na tsallake layin da ke rufe zagayen ciki. Yana nan a cikin mai dattin da na soke. Na cusa shi tsakanin layuka biyu masu kyau, na ba shi 135, aka ce a ajiye biro.

Na miƙa wa dattijon agogonsa da hannu biyu. Ya ce in je in yi sallah.

Sati uku ina zirga-zirga tsakanin Bodinga da allon sanarwa. Na ci. Malamin darasin ya tare ni a baranda ya ce amsata ta biyu tana da umarnin GOTO da ke komawa baya ba mafita, da an sa ta a na'ura har gobe tana juyawa, kuma shafukan nan uku na ƙarshe, da ya sha wuya kafin ya karanta, su suka haye da ni arba'in.

Ranar Asabar na shiga motar Shagari da labarin, da kuma wasiƙar a aljihun gaba, kwafi na bakwai. Na ba ta labarin duka, har fankar. Tsohon ya yi dariya har ya cire tabarau. Da ya fita La'asar na miƙa mata. Ta karanta a tsaye, shafi huɗu, ba ta tsallake komai ba.

"Rubutun ya yi kyau," in ji ta. "Yaushe ka fara ta?"

"Tun Asabar ta biyu."

Ta ƙirga da yatsu. "Sati bakwai. Wancan sati anka sa muna rana, ni da wani ma'aikacin dabbobi na Dandin Mahe. Ya tambaya, na ce ina so." Ta ninke ta yadda take ta ba ni. "Ban ce da ka kawo da wuri da wani abu ya sake ba. Amma da na karanta ta da wani ido."

Na sauka a Bodinga ban shiga gida ba, na yi ta zagaya tasha har Magariba. Kafin shekara ta ƙare sojoji suka karɓi mulki. Muka gama karatu, ni na zama malami, na kuma sayi agogo da fara aikina.

Ita ta koma ofishinta, daga tafireta ta koma kwamfuta lokacin da aka kawo su, ta haifi 'ya'ya biyar, ta yi ritaya. Shekarun baya na bi ta Shagari zuwa wata ta'aziyya, na tsaya a bakin kasuwa. Tsohon ya daɗe da rasuwa. Shagon yanzu nata ne, kwamfutoci uku a jikin bango, tana koya wa 'yan mata masu shirin jarrabawa. Ranar babu wuta, saboda haka su shida suna zagaye da teburin yankan nan, kowa da takarda. Idonta ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni. Muka gaisa, ta tambayi iyali, ta ce in zauna amma in yi shiru, sun fara. Wata yarinya ta cire murfin biro, Malama ta miƙa hannu ta dafe mata takardar. Agogon da ke kan teburin na roba ne, mai manyan lambobi. Na tambaye ta wancan na da a hankali, ta ce ya tsaya tuntuni, yana cikin wata kwalla a gida, ta sa hannu ta jawo almakashi kusa da ita.